Yadda Ake Jera Teburin Excel da Ginshiƙai da Yawa, da Abin da ke Faruwa Idan an Yi Kunnen Doki

Jera tebur da ginshiƙi ɗaya ba wuya gare shi, maɓalli ɗaya ka danna an gama. Matsala tana tasowa ne idan layuka biyu ko huɗu suka zo da adadi iri ɗaya, kuma dole ɗaya ya hau saman ɗaya. Na daɗe ina haɗa teburin gasa da na sakamakon jarrabawa, kuma kusan duk gardamar da na gani a nan take tashi: wani ya ga sunansa a ƙasa alhali makinsa daidai yake da na wanda ke sama, ya tambayi dalili, mai teburin ya rasa amsa. Excel ba ya zaɓen kowa. Sharuɗɗan da ka ba shi yake bi ɗaya bayan ɗaya, in sun ƙare ya bar layukan yadda ya same su. Wannan shi ne abin da nake so ka gani da idonka a cikin wannan darasi.

Kalmomi uku zan riƙa maimaitawa. Layi shi ne wanda ke kwance, mai lamba 1, 2, 3 a gefe. Ginshiƙi shi ne na tsaye, mai harafi A, B, C a sama. Akwati kuma shi ne inda su biyun suka haɗu, kamar D4.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar Excel na kwamfuta. Tun daga Excel 2007 ana iya jera tebur da sharuɗɗa har 64 a lokaci guda. Excel 2003 uku kawai yake karɓa, amma akwai dabarar kauce wa wannan a ƙasa. Kana bukatar tebur mai layin take guda ɗaya a sama, babu layin da aka bari fayau a tsakiya, babu akwatunan da aka haɗe. Sannan ka adana kwafin fayil ɗin da wani suna kafin ka taɓa komai, domin Ctrl+Z yana ceto ne muddin ba ka rufe fayil ɗin ba.

Abu na ƙarshe ba a kwamfuta yake ba: ka rubuta a takarda ƙa'idar da za ka bi. Me ya fi muhimmanci, me ke bi masa, me ke bin wannan. Wanda ya buɗe tagar jerawa bai yanke wannan ba, laluben duhu zai yi.

Ga teburin da za mu yi aiki da shi. Gasar ƙwallon ƙafa ce ta gwaji, ƙungiyoyi 8 a rukuni biyu, kowace ta buga wasa 3. Ka shigar da shi daga A1 zuwa G9:

```
Lamba Ƙungiya Rukuni Maki Ta_ci An_ci_ta Tazara
1     Zaki    A      7    6     2        4
2     Damisa  B      4    3     3        0
3     Ɓauna   A      4    4     3        1
4     Shaho   B      9    7     1        6
5     Giwa    A      4    5     4        1
6     Kura    B      4    3     3        0
7     Mikiya  A      1    2     8        -6
8     Kada    B      0    1     7        -6
```

Tazara ita ce ƙwallayen da ƙungiya ta ci, a debe waɗanda aka zura mata. A G2 ka rubuta wannan, ka ja shi har G9:

```
=E2-F2
```

Ƙa'idarmu kuwa ita ce: maki da farko, sai tazara, sai yawan ƙwallayen da aka ci.

1. Sa ginshiƙin lamba kafin komai

Ginshiƙin A da ka gani ba ado ba ne. Shi ne shaidar yadda layukan suke tun asali. Duk sanda jerawa ta rikice, ka jera da Lamba daga ƙarami zuwa babba, tebur ya koma yadda aka shigar da shi, ko da bayan mako guda ne. Ka rubuta lambobin da hannu ko ka ja su. Kada ka yi amfani da fomular ROW() a nan, domin ita lambar layin da take zaune take nunawa, saboda haka bayan an jera za ta sake nuna 1, 2, 3 kamar babu abin da ya motsa.

2. Zaɓi teburin gaba ɗaya

Danna akwati ɗaya tak a cikin teburin, misali D4, ka bar Excel ya gano iyakar teburin da kansa. In kana so ka tabbatar, danna Ctrl+A ka ga har inda ya haskaka. Ya kamata ya tsaya a A1 zuwa G9. In ya tsaya a tsakiya, to akwai layi ko ginshiƙin da babu komai a ciki wanda ya raba teburin biyu. Ka goge shi, ko ka haskaka teburin duka da hannunka.

Kuskure mafi muni a wannan aiki shi ne a haskaka ginshiƙi ɗaya kawai a jera shi. Excel yakan fito da taga mai suna Sort Warning da zaɓi biyu. Ka zaɓi Expand the selection. Idan ka zaɓi Continue with the current selection, maki za su jeru su kaɗai, sunaye su tsaya a inda suke, sai ka ga Zaki da maki 9 na Shaho. Teburin zai yi kyau a ido, babu wata alamar kuskure, amma kowane layi ƙarya yake faɗa. Na taɓa karɓar fayil da aka yi wa haka aka kuma adana shi, babu kwafi. Sai da aka koma takardun asali aka sake shigar da komai.

In akwai layin jimilla a ƙasan teburin, ka raba shi da tebur da layi ɗaya fayau, in ba haka ba shi ma zai shiga jerawa ya haye can sama.

3. Fara da sharaɗi ɗaya, ka ga inda kunnen doki yake

Je Data ka danna Sort. A kusurwar dama ta tagar ka tabbatar akwai alama a My data has headers, don kada layin take ya gangara cikin ƙungiyoyi. A Sort by zaɓi Maki, a Sort On ka bar Cell Values (tsofaffin Excel Values kawai suke rubutawa), a Order zaɓi Largest to Smallest. Danna OK.

Ga abin da za ka samu: Shaho 9, Zaki 7, sai Damisa, Ɓauna, Giwa da Kura duk da maki 4, sai Mikiya 1, Kada 0.

Tsaya ka dubi huɗun tsakiyan nan, ka dubi lambobinsu a ginshiƙin A: 2, 3, 5, 6. Ba a jera su da suna ba, da Damisa ba ta riga Ɓauna ba. Ba a jera su da tazara ba, da Damisa mai 0 ba ta hau kan Giwa mai 1 ba. Yadda suke bin juna kafin ka danna OK, haka suka ci gaba da bin juna. Damisa ta zo ta uku ne don kawai ita aka riga shigarwa.

4. Ƙara sharuɗɗan raba gardama

Sake buɗe Sort. Sharaɗin Maki yana nan. Danna Add Level, sabon layi mai suna Then by zai fito a ƙasansa. Zaɓi Tazara, Largest to Smallest. Danna OK ka duba kafin ka ƙara na uku.

Yanzu huɗun sun rabu gida biyu: Ɓauna da Giwa masu tazarar 1 a sama, Damisa da Kura masu 0 a ƙasa. Ka lura Shaho da Zaki ba su motsa ba, haka Mikiya da Kada. Mikiya da Kada tazararsu ɗaya, -6, amma wannan bai dami kowa ba, domin maki ya riga ya raba su. Sharaɗi na biyu ba ya aiki sai a tsakanin layukan da na farko ya kasa rabawa. Na uku kuma sai a tsakanin waɗanda na farko da na biyu duk suka kasa.

Ƙara na uku: Ta_ci, Largest to Smallest. Giwa ta ci 5, Ɓauna ta ci 4, don haka Giwa ta hau. Jerin ya zama Shaho, Zaki, Giwa, Ɓauna, Damisa, Kura, Mikiya, Kada.

Kowane sharaɗi da nasa Order, kuma sabon layin da ka ƙara yakan zo da Smallest to Largest ko A to Z. Mantawa da juya shi ya yi yawa a wurin masu koyo. Alamarsa ita ce ka ga saman tebur daidai, ƙasa daidai, amma a cikin masu maki ɗaya raunana ne a sama.

Idan kana son kowane rukuni ya tsaya daban, ƙara sharaɗin Rukuni da A to Z, sannan ka danna shi ka tura shi can sama da kibiyar da ke kusa da Copy Level. In ka bar shi a ƙasa ba zai yi komai ba a teburinmu, domin kafin a iso kansa an raba kowa sai Damisa da Kura, su kuma rukuninsu ɗaya. In yana sama za ka samu Zaki, Giwa, Ɓauna, Mikiya a rukunin A, sai Shaho, Damisa, Kura, Kada a rukunin B.

5. Nemo waɗanda suka rage kunnen doki

Damisa da Kura: maki 4, tazara 0, ƙwallaye 3. Sharuɗɗa uku sun ƙare ba su rabu ba. Damisa na sama, kuma a gasa irin wannan na biyu a rukuni shi ke wucewa zagaye na gaba. To me ya ɗora ta?

Gwada wannan ka gani. Danna akwati a ginshiƙin Ƙungiya, ka jera shi Z to A. Sannan ka koma Sort ka sake sa sharuɗɗan nan uku kamar ɗazu. Wannan karon Kura ce za ta fito sama da Damisa. Adadi ko ɗaya bai canza ba, sharaɗi bai canza ba, amma wadda za ta wuce ta canza, don kawai wani ya taɓa jera teburin da suna kafin nan. Ta haka mutum biyu ke buɗe fayil ɗaya su fito da sakamako biyu, kowa na rantsuwa bai yi kuskure ba.

A tebur mai layi 8 ido ya isa ya gano irin wannan. A mai layi 800 sai fomula. A H1 rubuta Canjaras, a H2 ka sa wannan ka ja shi ƙasa:

```
=COUNTIFS(D$2:D$9,D2,G$2:G$9,G2,E$2:E$9,E2)
```

Yana ƙirga layukan da suka yi daidai da wannan layin a ginshiƙan uku duka. Wanda ya nuna 1 ya rabu da kowa. Damisa da Kura za su nuna 2. Duk inda ka ga sama da 1, matsayin da ke wurin ba ƙa'idarka ce ta ba da shi ba. In kwamfutarka ta ƙi karɓar fomular, mai yiwuwa saitinta alamar ; yake amfani da ita maimakon waƙafi.

6. Yanke hukunci a kan ragowar

Hanya uku gare ka, kuma wanne za ka bi ya danganta da abin da teburin ke yankewa.

In akwai wata ƙa'ida ta gaba, ka mai da ita ginshiƙi. A ce dokar gasar ta ce mai ƙarancin kati ke gaba. Buɗe ginshiƙin Katuna a I, a ce Damisa na da 5, Kura na da 3, ka ƙara shi a matsayin sharaɗi na ƙarshe da Smallest to Largest. Kura ta hau, kuma yanzu akwai dalilin da za ka nuna. Amma ka kula: ƙungiyar da ba ta samu kati ko ɗaya ba, ka rubuta mata 0. Akwatin da babu komai a ciki kullum ƙarshe Excel yake kai shi, ko daga ƙarami ka jera ko daga babba, saboda haka ƙungiyar da ta fi kowa ladabi ita za ta faɗo ƙasa a cikin abokan kunnen dokinta.

Akwai ƙa'idar da Sort ba zai iya lissafa ta da kansa ba, kamar sakamakon karawar ƙungiyoyin biyu da junansu. A ce Ɓauna ta doke Giwa 2 da 0 a wasansu. In dokar gasar ta fifita wannan a kan yawan ƙwallaye, Ɓauna ce ta biyu a rukunin A, ba Giwa ba. Babu ginshiƙin da ke ɗauke da wannan labarin, don haka kai za ka buɗe shi, ka ba Ɓauna 1, Giwa 2, saura 0, ka sa shi a gurbin da doka ta ce da Smallest to Largest. Haka ake yi in an jefa ƙuri'a: a rubuta sakamakon a ginshiƙi, kada a ja layi da hannu a ɗora shi sama, domin jerawa ta gaba za ta iya rushe shi.

In kuwa matsayin bai da wani tasiri, tsari kawai kake so wanda ba ya canzawa, sa Lamba ko sunan ƙungiya a matsayin sharaɗi na ƙarshe. Ni a duk teburin da wani zai buɗe bayana, sharaɗina na ƙarshe ginshiƙi ne da babu layi biyu masu abu ɗaya a cikinsa. Da wannan, ko wa ya jera, ko yaya ya sami teburin, sakamako ɗaya zai fito.

Hanya ta uku ita ce ka bar su kunnen doki ka faɗi haka a fili, ka ba su matsayi ɗaya. A sakamakon ɗalibai wannan na fi ganin adalci a kan a ɗora wani don sunansa ya fara da harafin A.

Kunnen dokin da ba na gaskiya ba

Wani lokaci ka sa sharaɗi na biyu daidai, amma ka ga kamar Excel ya yi biris da shi. Kusan kullum dalilin shi ne abin da idonka ke gani iri ɗaya, a wurin Excel ba ɗaya ba ne, don haka bai ma isa sharaɗi na biyu ba.

Na farko shi ne ɓoyayyen ɗigo. Matsakaicin makin ɗalibi ɗaya 78.4, na ɗayan 77.6, an saita akwatin ya nuna lamba ba ɗigo, duka biyu suna nuna 78. Excel da ainihin adadin yake jerawa, ba da abin da ke bayyane ba. In ƙa'idarku ta ce 78 da 78 kunnen doki ne, buɗe sabon ginshiƙi da ROUND ka jera da shi:

```
=ROUND(D2,0)
```

Haka yake ga kwanan wata mai ɗauke da lokaci a ɓoye. Layuka biyu na rana ɗaya, ɗaya na safe ɗaya na yamma, ba kunnen doki ba ne a wurin Excel. INT yana cire lokacin ya bar ranar.

Na biyu shi ne lambar da aka adana a matsayin rubutu, abin da ke yawan faruwa idan an kwafo bayanai daga wani wuri. Za ka gane ta domin takan manne a gefen hagu na akwati, sau da yawa da ɗan koren alama a kusurwa. In Excel ya ware lambobi da rubutu, to a jerawa daga babba zuwa ƙarami rubutu ke riga lambobi, sai ka ga Kura da makinta 4 ta haye kan Shaho mai 9. ISNUMBER zai nuna FALSE a kan irin wannan akwatin. Haskaka su, danna alamar gargaɗin, ka zaɓi Convert to Number. Excel kan tambaye ka ko ya ɗauki duk abin da ya yi kama da lamba a matsayin lamba. Amsa e tana fitar da kai a ranar, amma gyara akwatin ya fi.

Na uku shi ne sarari a bayan kalma. In an rubuta rukunin Giwa da A sannan aka buga sarari, Excel zai ɗauke shi wani rukuni na dabam, Giwa ta faɗo ƙasan Mikiya ita kaɗai. LEN zai nuna 2 inda saura ke nuna 1, TRIM kuma ya share shi. Babban harafi da ƙarami kuwa ɗaya Excel ke ɗaukar su, sai in ka shiga Options ka sa alama a Case sensitive.

Idan babu tagar Sort mai isassun sharuɗɗa

Halin nan na Excel na barin masu kunnen doki yadda ya same su, shi kansa kayan aiki ne. Kana iya samun sakamako iri ɗaya da ƙananan maɓallan jerawa biyu da ke Data, muddin ka fara daga sharaɗi mafi ƙanƙanta ka ƙare da mafi girma. Danna akwati a Ta_ci ka jera daga babba. Sannan Tazara. Sannan Maki a ƙarshe. Jerawar ƙarshe ita ke mulki, kuma duk inda ta sami kunnen doki sai ta bar tsarin da ta baya ta shimfiɗa. In ka fara da Maki ka ƙare da Ta_ci, to ka jera teburin da yawan ƙwallaye ne, ba da maki ba. Da wannan dabarar masu Excel 2003 ke wuce iyakar sharuɗɗa uku.

In kuma teburin kullum canzawa yake, ka sani Sort ba ya sake jerawa da kansa idan ka gyara adadi. Sai ka sake yi. Masu Microsoft 365 ko Excel 2021 suna da SORTBY, wanda ke fitar da jerarren kwafi a gefe ya bar na asali yadda yake. Rubuta shi a K2, ka tabbatar babu komai a akwatunan da ke dama da ƙasansa, in ba haka ba zai nuna #SPILL!:

```
=SORTBY(A2:G9,D2:D9,-1,G2:G9,-1,E2:E9,-1,A2:A9,1)
```

Bayan teburin, sauran bibbiyu suke tafiya: ginshiƙi da alkiblarsa, -1 daga babba zuwa ƙarami, 1 daga ƙarami zuwa babba, kuma na farko shi ne mafi girma kamar a tagar Sort. Na rufe shi da ginshiƙin Lamba da gangan, don Damisa da Kura su tsaya wuri ɗaya ko da wani ya hautsina teburin asali. Canza makin Kura a ginshiƙin D daga 4 zuwa 6, za ka ga ta tashi zuwa matsayi na uku nan take, a ƙasan Zaki.